Gotar Rufi: Yadda Ake Lissafin Tsawonta, Fayif Ɗinta da Kayan Haɗinta

Galibin masu gida idan za su sa gota a bakin kwanon rufinsu abu guda suke aunawa. A ja tef daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ce mita goma sha biyar ne, a tafi kasuwa a sayo gota ta mita goma sha biyar da fayif guda, a kira kafinta ya ɗaura. Aikin yakan yi kyau a ido, kuma ruwan farko na damina ba ya tona masa asiri. Sai Agusta ya kama, hadari ya taso daga gabas ya sako ruwa kamar da bakin ƙwarya, a ga ruwa yana tsallake leɓen gota yana dukan bango, yana haƙar gindin gini a daidai wurin da aka kashe kuɗi don a kare.

Tsawon bakin rufi yana gaya maka gota nawa za ka saya, amma ba ya gaya maka faɗinta, ba ya gaya maka fayif nawa za su sauke ruwan, kuma ba ya gaya maka inda za a kafa su. Waɗannan ukun kuwa su ne suke hukunta sauran kayan duka, har da inda za a yanka gota da yawan mahaɗan da za a saya. Saboda haka lissafi na gaskiya daga ruwa yake farawa, sannan ya dawo kan tef. Bari mu ɗauki gida guda mu bi shi daga sama har ƙasa.

Gidan mai ɗakuna huɗu ne a jere, irin wanda ake gani a kowace sabuwar unguwa, rufinsa mai shafi biyu, ɗaya yana zuba gaba ɗaya yana zuba baya. Tsawon bangonsa mita 14 ne, faɗinsa mita 9. Kwano ya leƙa waje da rabin mita ta kowane gefe. Ke nan bakin rufin ba mita 14 ba ne, mita 15 ne, kuma nan ne wuri na farko da ake yin asara: wanda ya auna bango daga ƙasa don ganin tsani ya yi masa nisa zai dawo da gota wadda ta gaza da mita guda cur. Abin da ake aunawa shi ne katakon da ke rufe bakin rufi, wato fesha bod, domin a jikinsa gota za ta zauna, kuma dole ta kai ƙarshen kwano na ƙarshe, har ta ɗan wuce shi da yatsa biyu ko uku.

Ruwa nawa ne ke gangarowa?

Ƙa'idar mai sauƙi ce, kuma ta cancanci a haddace ta: ruwan sama mai zurfin milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1, lita 1 ne daidai. Shafin rufinmu na gaba, idan aka dube shi daga sama, tsawonsa mita 15 ne, faɗinsa daga tsororuwa zuwa baki mita 5, wato rabin faɗin gida da rabin mitan leƙe. Murabba'in mita 75 ke nan.

Sai dai ruwan damina ba ya sauka a miƙe. Iska tana kora shi, kuma shafin da ke fuskantar iska yana tarar ruwa fiye da rabonsa. Gwargwadon tsayin rufi, gwargwadon yawan abin da yake tara. Masu lissafin gini suna magance wannan ta hanyar ƙara rabin tsayin rufin a kan faɗinsa. Rufinmu ya tashi mita 2.9 daga baki zuwa tsororuwa, rabinsa 1.45 ke nan. A haɗa da mita 5, ya zama 6.45, a ninka da 15, a sami murabba'in mita 97 ko kusa da haka. Wannan ne filin da za a yi aiki da shi, ba 75 ba. Ya kamata masu sha'awar dogon rufi mai tsini da ake yayi yanzu su lura da wannan, domin irinsa ba katako da kwano kawai yake ci ba, gota ma babba yake nema.

Saura ƙarfin ruwan. Ba ruwan shekara ake dubawa ba, ba ma na yini ba. Gota ba ta ajiye ruwa, wucewa kawai yake yi ta cikinta, don haka abin da ya dame ta shi ne mintunan nan goma ko sha biyar da ruwa ya fi tsananta. A Ingila an daɗe ana lissafin gotar gidaje a kan ruwa mai ƙarfin milimita 75 a awa guda, kuma da yawa daga jadawalin da ke zuwa tare da gotar roba a kan wannan aka gina su. Hadarin ƙasarmu kuwa yakan zarce haka a farkon saukarsa. Ni ina ganin mai gida a Kano ko Maraɗi ko Kaduna ya ninka wannan adadi ya yi aiki da 150, kuma da shi za mu tafi.

A ninka 97 da 150, a sami lita 14,550 a awa. A raba da 3,600, adadin sakan da ke cikin awa, a sami lita 4 a kowane sakan. Jarkar lita 25 za ta cika cikin sakan shida da 'yan kai. Wannan ruwan ne ake so tsagi mai faɗin tafin hannu ya kwashe ba tare da ya zubar ba.

Faɗin gota da yawan mazurari

Ƙa'idar ginin Ingila ta ba da adadin ruwan da gota mai siffar rabin da'ira take iya ɗauka idan mafitarta guda ce a ƙarshenta. Mai faɗin milimita 100, wato inci 4, tana ɗaukar lita 0.78 a sakan. Mai milimita 125, inci 5, tana ɗaukar 1.37. Mai milimita 150, inci 6, tana ɗaukar 2.16. Waɗannan adadin ba ruwansu da ƙasar da aka yi su, domin girman tsagi ne, kuma tsagi ɗaya ne a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne ruwan da muke zuba masa.

To, a dubi abin da ya fito. Ko babbar cikinsu, mai inci 6, idan aka ba ta fayif guda a ƙarshe, rabin ruwanmu kawai za ta iya ɗauka. Mai inci 4 kuwa ko kashi ɗaya cikin biyar ba ta kai ba. Wannan shi ne dalilin ambaliyar da muka faɗa a sama, kuma ba laifin kafinta ba ne, ba kuma rashin ingancin roba ba.

Mafita ita ce a raba ruwan. Adadin da aka bayar na zango guda ne, wato guntun gotar da ruwansa ke gudu gefe ɗaya zuwa mazurari ɗaya. Mazurari shi ne ɗan guntun nan mai huda a ƙasansa, inda gota ke juye ruwa cikin fayif. Idan mazurarin yana ƙarshen gota, zango ɗaya yake yi wa aiki. Idan yana tsakiya, zango biyu ne ke zuba masa, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kuma kowanne rabin nauyi yake ɗauke da shi. Fayif guda ɗin nan, da zarar an matsar da shi daga ƙarshe zuwa tsakiya, ya sauƙaƙa wa gota aiki ninki biyu ba tare da an ƙara ko sisi ba.

A gidanmu, mazurari guda a tsakiya zai bar wa kowane zango lita 2, kuma gota mai inci 6 za ta ɗauka da ƙyar. Amma duka lita huɗun za su taru a huda guda, kuma tsakiyar gida galibi nan ƙofa take. Ba wanda ke son fayif a bakin ƙofarsa yana aman ruwa. Idan aka sa mazurari biyu, kowanne a nisan mita 3.75 daga ƙarshe, an sami zango huɗu masu lita 1, har mai inci 5 ma ta wadatar. Wannan ne ya fi kyau a takarda, sai dai fayif zai iya faɗawa kan taga. Wanda kuma ya nace a kan mai inci 4 saboda araha, sai ya yi zango shida da fayif uku, kuma kuɗin da ya tsira da shi a gota zai amayar da shi a fayif da gwiwoyi.

Abin da zan zaɓa wa wannan gida shi ne gota mai inci 6 da mazurari biyu, ɗaya kusa da kowace kusurwa. Na ce kusa da kusurwa, ban ce a ƙarshen gota ba, kuma akwai dalili. Tun da kwano ya leƙa rabin mita bayan bango, mazurarin da aka sa a can ƙarshe zai sauke fayif a sarari, ba bangon da za a ɗaure shi. Sai a shigo da shi ciki da santimita 75 daga ƙarshe, yadda fayif zai faɗo a jikin bango, santimita 25 daga kusurwa. Yanzu tsakanin mazuraran biyu akwai mita 13.5. Ruwa zai rabu a tsakiya, kowane ɓangare ya yi gudun mita 6.75 ɗauke da lita 1.8 a sakan. Wannan yana ƙasa da 2.16, har da ɗan sarari na ranar da ganye ya rage hanya. Fayif ɗin da ya dace da irin wannan gota kada ya gaza milimita 90 ko kusa da haka, kuma mai inci 4 da ake samu a kowace kasuwar kayan famfo ya yi daidai.

Yankan gota

Sai yanzu tef ya dawo da amfaninsa. Gotar roba tana zuwa da tsawo daban-daban gwargwadon kamfanin da ya yi ta, akwai mai mita 3, akwai mai mita 4, akwai wadda ta fi haka. A auna ta a shago da tef kafin a yi lissafi, kada a dogara da abin da aka ji. Mu ɗauka tamu mai mita 4 ce. Mita 15 a raba da 4 ya ba da uku da kashi uku cikin huɗu, wato sanda huɗu. Amma sanda huɗu za su isa ne kawai idan an tsara yankan, domin mazurari yana katse gota, ba ta wucewa ta cikinsa a miƙe.

Ga yadda ya fi dacewa. Daga tsakiya zuwa kowane mazurari mita 6.75 ne, wato sanda guda cikakkiya da guntu mai mita 2.75. Sanda biyu sun tafi cikakku, sauran biyun kuma a yanke 2.75 daga kowace, a bar saura mita 1.25. Daga wannan sauran ne za a fitar da ɗan guntun santimita 75 da zai tashi daga mazurari zuwa ƙarshen rufi. Abin da zai rage a ƙasa rabin mita ne sau biyu. A wurin aiki guntayen za su ɗan fi haka gajarta, saboda jikin mazurari da na mahaɗi suna cin 'yan santimitoci, don haka kada a yanka komai sai an kafa mazuraran an sake aunawa a tsakaninsu.

Daga wannan tsari kayan haɗi suke fitowa da kansu. Mahaɗi uku: ɗaya a tsakiya, ɗaya kuma a kowane ɓangare inda cikakkiyar sanda ta haɗu da guntu. Mazurari biyu. Murfin ƙarshe biyu. A wasu nau'o'in gota murfin dama daban yake da na hagu, a duba tun a shago.

Biraket, wato maƙalan da ke riƙe gota a jikin fesha bod, a nan ne aka fi yin rowa, kuma a nan rowa ta fi tsada. Kamfanoni da yawa suna yarda da tazarar da ta kai mita guda. Amma roba tana laushi a zafin Afrilu, kuma gota mai inci 6 idan ta cika tana ɗauke da ruwan da ya kusa kilo 9 a kowace mita, ban da laka. Tazarar santimita 60 ta fi kwanciyar hankali. Mita 15 a raba da 0.6 ya ba da tazara 25, biraket kuwa 26 ne, domin akwai na farko kafin tazarar farko. Wannan ɗayan da ake mantawa shi ke sa a bar ƙarshen gota yana lilo. A sayi 30, saboda kusa da kowane mahaɗi da kowane mazurari ana son maƙali a kurkusa, komai abin da tazara ta ce. A ɗaure su da ƙusar murɗawa marar tsatsa, ba ƙusar bugawa ba, kuma idan fesha bod ya fara ruɓewa a canja shi tukuna.

Idan gotar ta ƙarfe ce, wadda maƙera ke lanƙwasawa daga falle mai ƙafa 8, lissafin ya ɗan sauya. Ba mahaɗi, guntu ne ke hawa kan guntu. Ƙafa 8 mita 2.44 ne, kuma idan kowane haɗi ya ci santimita 10, guda shida za su tsaya a mita 14.14. Bakwai ake bukata. A haɗin kuma, guntun da ruwa ke fitowa daga cikinsa shi ne a sama, wanda ruwa ke shiga shi ne a ƙasa, in ba haka ba ruwa zai riƙa cusa kansa cikin haɗin.

Gangare da zafi

Gota ba ta son gangare mai yawa. Milimita 3 a kowace mita ya isa. A mita 6.75 santimita 2 ke nan kacal: biraket na tsakiya shi ne mafi tsayi, mazurari kuma ya zauna ƙasa da shi da santimita 2. Ido ba ya ganin wannan, kuma fesha bod ba abin dogaro ba ne, domin sau da yawa shi kansa a karkace yake. A yi amfani da siririn tiyo mai ruwa irin na magina a fitar da lebur, a sauko da santimita 2 a wurin mazurari, a ja zare mai tauri, a jera sauran biraket a kan zaren.

Wasu masu aiki suna ganin ƙara gangare ƙara kyau ne, sai su ba da faɗin tafin hannu ko fiye. Abin da ke biyo baya shi ne gota ta yi nisa da bakin kwano a wajen mazurari, ruwa mai gudu ya yi tsalle ya wuce ta sama. Gwajin wannan ba wuya. A kwantar da miƙaƙƙen katako a kan gangaren kwano, a zuro shi ya wuce baki. Leɓen gota na waje ya kamata ya taɓa katakon ko ya kusa taɓa shi. Bakin kwano kuma ya shiga cikin gota kamar santimita 5, kada ya kai ga rufe fiye da rabinta. Nan ma raba ruwa biyu ya yi rana, domin da a ce mazurari guda ne a ƙarshe, da saukar ta kai santimita huɗu da rabi.

Batun zafi kuma shi ne wanda aka fi rainawa. Robar gota tana miƙewa idan ta yi zafi, tana tsukewa idan ta yi sanyi, kusan milimita 0.07 a kowace mita a kowane digiri. Tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara, jikin robar da rana ke duka yana iya bambanta da digiri 40. Sanda mai mita 4 za ta yi motsin milimita 11, sama da santimita guda. Shi ya sa mahaɗan da ke da zoben roba mai laushi a ciki suke da layi da aka zana, alamar inda bakin gota zai tsaya. Wanda ya tura gota har ta dangane, ko ya shafa gam don ya tabbatar ba ta yoyo, ya hana ta numfashi. In zafi ya zo za ta gantsare tsakanin biraket, in sanyi ya zo ta fizge daga mahaɗi ko ta tsage. Akwai nau'in gotar da aka yi don a haɗa da gam, amma ita ma tana da wurin motsi da aka tanada, yawanci a mazurari. A tambayi mai shago wane iri ne ya ba ka. Kuma kada a huda gota da ƙusa a manne ta da katako, zama kawai take yi a cikin biraket tana zamewa.

Fayif daga sama zuwa ƙasa

A gidanmu daga ƙasan mazurari zuwa ƙasa mita 3.3 ne. Fayif ba zai sauko a miƙe ba, domin mazurari yana can waje da rabin mita, bango yana ciki. Sai an yi masa wuya da gwiwa biyu, waɗanda masu aikin famfo ke kira elbo. A zaɓi masu digiri 45, a guji masu 90. Gwiwa mai 90 tana tilasta wa ruwa tafiya a kwance, a nan ƙura da ganye suke kwanciya, kuma a nan toshewa take farawa.

Da gwiwar 45 lissafin a bayyane yake. Don fayif ya matsa ciki da santimita 50, zai sauka ƙasa da santimita 50, tsawon guntun da ke kwance a karkace kuma 50 ne a ninka da 1.41, wato kusan santimita 70. Tsakanin mazurari da gwiwar farko a bar ɗan guntu na santimita 15 don wuyan ya kuɓuce wa ƙasan fesha bod. A ƙasa kuma a tsayar da fayif santimita 20 kafin ya taɓa ƙasa, a sa gwiwa ta uku da za ta juyar da ruwa daga bango. A cire 15 da 50 da 20 daga 330, saura santimita 245, shi ne miƙaƙƙen da zai bi bango. Jimillar fayif a kowace sauka: 15 da 70 da 245, mita 3.3.

Sauka biyu mita 6.6 ne, kuma wannan adadi ne mai ban haushi, domin dogon fayif na kasuwa mita 6 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Sanda guda za ta ba da miƙaƙƙu biyu da wuya guda da ɗan guntu guda, mita 5.75, sai a rasa santimita 85. Wanda shafi guda yake yi wa gota dole ya sayi sanda biyu ko ya nemi guntu. Wanda yake yin gaba da baya tare kuwa sanda uku sun ishe shi sauka huɗu. Don haka ya fi araha a yi lissafin gida duka a lokaci guda, ko da aikin za a raba shi.

Gwiwoyi uku a kowace sauka, shida ke nan a shafi guda. Maɗauri uku a kowane fayif: ɗaya dab da ƙasan wuya inda nauyin ruwa ke bugawa, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da ƙasa inda yara da awaki ke taɓawa. Gwiwar da ke ƙarƙashin mazurari kada a sa mata gam, saboda ranar da za a zare ta a fitar da abin da ya toshe. Bakin kowane guntu na sama kuma ya shiga cikin na ƙasa da shi, kamar yadda muka faɗa a gotar ƙarfe.

Inda ruwan zai je bayan gwiwar ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Maginan soro na dā a Kano da Zariya da Damagaram sun san wannan, shi ya sa suke yin indararo mai tsawo da zai wurga ruwa nesa da bangon ƙasa. Gota tana tara ruwan da dā yake warwatse a mita 15 ta juye shi a wuri biyu, lita biyu a sakan a kowanne. Idan ta juye shi a gindin bango, ta fi rashinta ɓarna. A yi masa daɓen siminti mai gangare da zai kai shi aƙalla mita guda daga gini, ko a haɗa shi da kwata, ko a kai shi tanki. Kuma a duba kada a juya bakinsa zuwa katangar maƙwabci. Idan tanki ne, tsawon fayif zai ragu tun da a saman tanki zai tsaya, amma a bar ruwan farko ya wanke ƙurar rani da kashin tsuntsaye ya zube waje, kuma tankin ya sami mafitar ambaliya mai girman fayif ɗin da ke shiga.

Rufi mai shafi huɗu, wanda gota ke zagaye shi, ba ya bukatar murfin ƙarshe, kusurwa huɗu yake bukata a madadinsu, kuma kowace kusurwa tana rage gudun ruwa, don haka mazurari ya zauna kusa da ita. Inda shafi biyu suka haɗu suka yi kwari, kamar a gida mai lanƙwasa, ruwan duka biyun yana faɗowa wuri guda da ƙarfi. A sa mazurari dab da wurin, kuma a lissafa masa filin shafukan biyu.

Kafin a sallami mai aiki, a hau tsani da bokiti a zuba ruwa a tsakiyar gota. Ya kamata ya rabu biyu ya gudu ya ƙare. Inda ya kwanta, biraket ya sauka daga zare, kuma nan sauro zai yi gida. Bayan damina ta kankama, wurin da ruwa ke zubowa yana faɗin ciwon da kansa. Idan yana malalowa ta leɓen waje a tsawon gota duk da an share ta, mazurari sun yi kaɗan ko gota ta yi ƙanƙanta. Idan yana malalowa kusa da mazurari kawai, fayif ya toshe, kuma a fara duba wuya. Idan yana bi ta bayan gota yana jiƙa katako, bakin kwano bai shiga ciki sosai ba. Idan yana tsallakewa ta sama gota kuma ba ta cika ba, an sauke ta ƙasa da yawa. Idan ɗiga ne a mahaɗi, a buɗe a duba ko yashi ya shiga ƙarƙashin zoben, ko bakin gota ya ja baya daga layinsa. Ƙurar hunturu da ganyen dalbejiya suna taruwa su zama laka mai rage zurfin gota, don haka a kwashe su kafin ruwan farko, a sake dubawa kafin Agusta.